Binciken BFS: Hanya Mafi Gajarta

BFS dabara ce a ilimin kwamfuta ta gano hanya mafi ƙarancin zango tsakanin wurare, inda kowace mahaɗa ake lissafa ta zango ɗaya. Edward F. Moore ya wallafa ta a 1959. Ginshiƙinta layi ne irin na gidan mai: wanda ya riga shiga shi ke riga fita.

A ƙaddara mahaɗu biyar: Madadi–Gwarzo, Madadi–Kabo, Gwarzo–Getso, Kabo–Getso, Kabo–Kano. Ana farawa da Madadi a layi, da zango 0. Ana cire na gaban layi, a jera maƙwabtansa da ba a yi wa alama ba a ƙarshen layi, a yi musu alama, a ba su zangonsa da ƙarin ɗaya:

```
[Madadi 0]
[Gwarzo 1, Kabo 1]
[Kabo 1, Getso 2]
[Getso 2, Kano 2]
[Kano 2]
[]
```

Da aka ciro Kabo, an tsallake Getso, domin ta riga ta shiga ta Gwarzo. Nan masu koyo ke tuntuɓe: alama lokacin shiga layi ake yinta. In aka jinkirta sai lokacin fita, Getso za ta bayyana sau biyu.

BFS ba ta auna kilomita. Idan tsawon hanyoyi ya bambanta, dabarar Dijkstra ake ɗauka.