Gwajin kolifom ta hanyar tace ruwa

Gwajin kolifom ta hanyar tacewa dabara ce da ake bi a ɗakin bincike don ƙidaya wasu ƙwayoyin bakteriya a cikin ruwan sha, a gane ko najasa ta shiga ruwan. Ana bi da ruwa mai ƙayyadadden awo, yawanci mililita 100, ta cikin wani siririn mataci da ke tare ƙwayoyin a samansa. Daga nan a ɗora matacin a kan abincin da suke ci, a ajiye a wuri mai ɗumi har kowace ƙwaya ta hayayyafa ta zama ɗigon da ido ke iya gani. Adadin ɗigon shi ne sakamakon gwajin.

Ba ƙwayar kwalara ko ta taifod ake nema kai tsaye ba, domin gano su na da wuya da tsada, kuma sukan bayyana yau su ɓace gobe. Ana neman abokan tafiyarsu ne, wato kolifom, dangin bakteriya masu cin sukarin madara. Wasu daga cikin dangin suna rayuwa a ƙasa da jikin tsirrai, saboda haka ganinsu kaɗai ba ya tabbatar da najasa. Wanda aka fi dogara da shi shi ne E. coli, wanda likitan yara Theodor Escherich ya bayyana a 1885, kuma mazauninsa hanjin mutum ne da na dabbobi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a sami E. coli, ko kolifom mai jure zafi, ko da guda ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha.

Aikin yana farawa tun daga bakin famfo ko rijiya, kuma a nan ne gwaje-gwaje da yawa ke lalacewa. Kwalbar ɗiba dole ta zama wadda aka kashe wa ƙwayoyin cuta. Idan ruwan na da kulorin, ana sa ɗan sinadarin sodiyam tayosalfet a kwalbar tun kafin a ɗiba, domin in ba haka ba kulorin zai ci gaba da kashe ƙwayoyin a hanya, ruwan ya isa ɗakin bincike da tsabtar da ba shi da ita a gidan mai sha. Ana ajiye kwalbar cikin sanyi da duhu, a gwada cikin awa 6 in da hali, kada dai a wuce awa 24.

Matacin ɗan faifai ne fari mai faɗin milimita 47, an zana masa layuka don sauƙin ƙidaya. Hudojinsa maikuromita 0.45 ne, ruwa na wucewa amma bakteriya ba sa iya bi. Ana ɗaukarsa da hantsakin da aka ƙona bakinsa, a shimfiɗa a gindin mazurari, a zuba ruwan, a zuƙe shi da famfon iska. Sai a ɗauraye bangon mazurarin da ruwa mai tsabta, a ɗauke matacin a kwantar da shi a ɗan faranti mai murfi, a kan abincin. A nan ana kula kada iska ta maƙale a ƙarƙashinsa, domin duk ƙwayar da ta faɗa kan wannan gurbin ba za ta sami abinci ba, ba kuwa za ta fito a ƙidaya ba.

Irin abincin da zafin da aka zaɓa su ke yanke abin da za a gani. Da m-Endo, a digiri 35 na ma'aunin Salsiyos na tsawon awa 24, kolifom gaba ɗaya suna fitowa jajaye da ƙyalli kamar na ƙarfe. Da m-FC, a digiri 44.5, masu jure zafi ne ke tsira, launinsu shuɗi. Wannan zafin shi ne ke raba na hanji da yawancin na ƙasa, kuma tazarar kuskuren da aka yarda da ita ƙarama ce ƙwarai. Idan akwatin ɗumin ya sauka da digiri ɗaya ko biyu, baƙin ƙwayoyi za su tsiro su kumbura adadin. Idan ya haura, E. coli ɗin kansa zai kasa girma, a rubuta sifiri ga ruwan da ke da najasa. Kuskure na biyun ya fi haɗari, domin shi ke sa a ce wa mutane su sha. Buƙatar tsayayyen zafi ita ta sa ɗaukewar wutar lantarki cikin dare kan soke gwajin baki ɗaya, kuma akwatunan da ake fita da su karkara, irin na DelAgua da aka ƙirƙiro a Jami'ar Surrey tare da ƙungiyar Oxfam, suke aiki da batir.

A ɗauka an ɗebo ruwan wata buɗaɗɗiyar rijiya da damina, wadda masai ke kusa da ita. Mai gwaji da ya san aikinsa ba zai tace mililita 100 kaɗai ba, tunda yana zaton ruwan ya gurɓata. Zai tace kashi uku, na mililita 100 da na 10 da na 1, ya ƙara faranti na huɗu da ruwa mai tsabta zalla don ya shaida kayan aikinsa. Washegari sai ya tarar farantin shaidar babu komai, wanda ke nuna gurɓatar ba daga hannunsa ta fito ba. Na mililita 100 ya rine, ɗigo ya hau kan ɗigo, ba ya ƙidayuwa. Na mililita 1 yana da shuɗin ɗigo 4, wanda ya yi kaɗan a gina hukunci a kansa. Na mililita 10 yana da 34, kuma shi za a ɗauka, domin a m-FC an fi amincewa da farantin da ke da ɗigo 20 zuwa 60. Sai a ninka 34 sau 10, a sami 340 a kowane mililita 100. A rabe-raben da aka saba amfani da shi ga ruwan karkara, 1 zuwa 10 ƙaramin haɗari ne, 10 zuwa 100 matsakaici, abin da ya haura 100 kuwa babba. Wannan rijiya tana buƙatar a tafasa ruwanta ko a sa masa kulorin nan take, a kuma duba bakinta da dabenta da gugar da ake jefawa.

Dagulallen ruwa shi ne babban abokin gabar wannan hanya. Laka tana toshe hudojin kafin ruwan ya gama wucewa, tana kuma rufe ɗigon. A irin wannan hali ana rage awon ruwan, ko a koma hanyar kwalabe masu yawa, wadda ke ba da ƙiyasi maimakon ƙidaya. Ƙwayoyin da kulorin ya raunana ma sukan kasa tsirowa idan aka jefa su cikin zafi kai tsaye, don haka wasu hanyoyin ke fara ba su 'yan awoyi a digiri 30 su farfaɗo. A ƙasashe masu zafi kuma wasu masu jure zafin, irin su Klebsiella, kan fito ba daga najasa ba, shi ya sa ake ƙara gwajin tabbatarwa, ko a yi amfani da abinci mai canza launi da ma'aunin ISO 9308-1 ya tanada, inda E. coli ke fitowa shuɗi mai duhu, sauran kolifom kuma jajaye.

Sakamakon sifiri yana magana ne kan mililita 100 ɗin da aka ɗiba a ranar, ba kan ruwan da zai fito bayan mamakon ruwan sama ko fashewar bututu ba. Ba ya kuma ganin bairos, ko ƙwayar Cryptosporidium da ke jure kulorin fiye da kolifom. A 1993 wannan ƙwaya ta kwantar da mutane kimanin 400,000 a birnin Milwaukee na Amurka, alhali ruwan birnin bai karya ƙa'idar kolifom ba. Saboda haka hukumomin ruwa ke maimaita gwajin a kai a kai, su haɗa shi da awon dagulewar ruwa da ragowar kulorin da kuma zuwa a duba tushen ruwan ido da ido.