NE / CE

ne, ce (dirka). Kalmar da take bin abin da aka ɗauko daga gurbinsa aka kai farkon jimla domin jaddadawa, wato domin a nuna shi ake nufi ba wani ba.

1. Idan abin da aka jaddada suna ne, dirka tana bin jinsinsa da adadinsa: *ce* ga tilo tamata, *ne* ga tilo namiji da kowane jam'i. Misali: *Tarwaɗa ce masunta suka kama, kifi ne suka kama, mata ne suka saye.*

2. A yankin suna mai kalmomi da yawa, jigon yankin ne yake yanke hukunci, ko da kalmar da ke dab da dirka tana da wani jinsi dabam. Shi ya sa ake cewa *Tafkin Madarunfa ne ya cika*, domin tafki namiji ne, alhali ana cewa *Kasuwar Ɗan Isa ce ta ci*.

3. Idan abin da aka jaddada bayanau ne na wuri, ana amfani da *ne*, ko da sunan wurin tamata ne, kamar yadda sunayen garuruwa suke: *Madarunfa ce ta fi kusa*, amma *A Madarunfa ne suka kwana*.

Karin sautin dirka kishiyar na gaɓar da ta gabace ta ne. A wasu kare-karen Hausa na Nijar, kamar Adaranci, *na* da *ta* ne suke wannan aiki bisa ƙa'idar jinsi iri ɗaya.