Babban Harafi a Rubutun Jamusanci

A Hausa da Ingilishi, babban harafi na farkon jimla ne da sunan yanka, irin su Kano ko Musa. Jamusanci ya sha bamban: kowane suna, har da sunan gama-gari, yana farawa da babban harafi ko ina ya faɗo a jimla. Shi ya sa ake rubuta Haus (gida) da Geld (kuɗi) haka. Harshen Denmak ma ya bi wannan tsari, kafin ya yi watsi da shi a 1948.

Sunaye na asali ba su da wuya, domin ƙamus yana nuna su. Inda mai koyo ke tuntuɓe shi ne lokacin da aikatau ko sifa ta shiga gurbin suna, sai ita ma ta ɗauki babban harafi. Alamar da ta fi saurin nuna hakan ita ce kalmar da ta gabace ta.

A ɗauki aikatau rauchen, shan taba. A jimlar Wir rauchen nicht, wato ba ma shan taba, aiki ne, don haka ƙaramin harafi. Amma a sanarwar Das Rauchen ist verboten, an hana shan taba, kalmar das ta mayar da shi suna. Haka abin yake bayan beim da zum, domin kowannensu ya haɗiye kalmar dem a cikinsa: beim Essen, yayin cin abinci; zum Lesen, don karatu. Sai dai a lura, zu kaɗai ba ya yin wannan aiki. Es ist verboten zu rauchen ma'anarta ɗaya da sanarwar can, amma da ƙaramin harafi ake rubuta ta.

Sifa kuwa takan zama suna bayan kalmomin adadi irin su etwas, nichts da alles: etwas Neues, wani sabon abu, alles Gute, fatan alheri, wanda ake yawan gani a ƙarshen wasiƙa. Gyaran ƙa'idojin rubutu na 1996 ya faɗaɗa wannan, har im Allgemeinen, wato galibi, ya koma babban harafi.

Akwai togaciya da ke yaudarar ido. A das rote Auto und das blaue, jar mota da shuɗiya, das ya gabaci blaue, duk da haka ƙaramin harafi ne, domin sifar tana nan tana bayyana Auto da aka riga aka ambata. Kafin a ɗaga harafi, sai a duba ko akwai suna a kusa da sifar ke komawa gare shi.

Kuskuren yana iya sauya ma'ana ɗungurungum. Der Gefangene floh na nufin fursunan ya tsere, Der gefangene Floh kuwa ƙumar da aka kama.