Abin da ke sa saka manhaja ya yi nawa a kan tsohon diski, da maganinsa

Yawancin tsofaffin kwamfutocin hannu da ake saye na hannu a Maradi, Zinder ko Yamai suna zuwa ne da diski mai juyawa. Mai irin wannan na'ura yakan ga saka manhaja ɗaya ya ci rabin awa, sai ya ɗora wa Intanet laifi. Sau da yawa matsalar tana cikin diskin ne.

A cikin diskin akwai faifai da ke juyawa, galibi sau 5400 a minti ɗaya, da ɗan hannu mai ɗauke da kan da ke karatu da rubutu. Kafin a rubuta komai, sai hannun ya matsa zuwa layin da ake so, sannan ya jira faifan ya juyo da wurin. Matsawar da jiran tare sukan ci kusan kashi 15 cikin 1000 na sakan. Ke nan a sakan ɗaya diskin ba ya iya ziyartar wurare dabam-dabam fiye da 70 ko makamancin haka. Amma idan bayanan a jere suke wuri guda, yana iya kwashe kusan mega 100 a sakan.

A ɗauki misalin manhaja mai nauyin jiga 2. Da fayil ɗaya ce, da sakan 20 sun isa a rubuta ta. Sai dai a ce ta ƙunshi ƙananan fayiloli 20 000. Ga kowane ɗaya, sai diskin ya karanto shi daga ƙunshin da aka sauke, ya rubuta shi a sabon wuri, ya yi rajistar sunansa, sannan manhajar kariya ta sake karanta shi don bincike. Zuwa huɗu ke nan ga kowane fayil, jimilla 80 000. A kan 70 a sakan, aikin zai kai kusan minti 19. Idan kuma RAM ɗin jiga 4 ne kawai, da zarar ya cika Windows zai riƙa sauke rarar a kan wannan diskin, layin jira ya ƙara tsawo.

Ana iya tabbatarwa cikin sauƙi. Yayin da ake saka manhajar, a buɗe «Gestionnaire des tâches», a shiga «Performances», a danna diskin. Idan aikinsa ya tsaya a 100% alhali mega ɗaya ko biyu kawai ke wucewa a sakan, to yawon hannun ne ke cinye lokacin. Idan kuma diskin yana hutawa, sai a duba Intanet ko furosesa.

Kafin a yi komai, a bambance diski mai nawa da mai ciwo. Manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, tana nuna lafiyarsa. Launin rawaya a layin 05 ko C5 na nufin wasu sassan faifan sun lalace. Haka ma ƙarar ƙyas-ƙyas mai maimaituwa, ko na'urar ta daskare na ƴan sakanni. A nan babu batun ƙara sauri: a kwashe takardu da hotuna zuwa wani wuri tun kafin diskin ya mutu.

Idan lafiyarsa lau, akwai dabarun da ba sa cin ko dala. A bar Windows Update ya gama aikinsa tukuna, a rufe burauza, kuma kada a saka manhaja biyu a lokaci ɗaya. A ajiye ƙunshin a makullin USB 3.0 mai kyau a saka daga can, don diskin ya ji da rubutu kawai. A bar aƙalla kashi 15 cikin 100 na diskin babu komai. Ana kuma iya tattara fayilolin da suka warwatse da wannan umarni, da izinin mai kula da na'ura:

```
defrag C: /O
```

Duk waɗannan rage radaɗi ne kawai, ba za su mayar da minti 20 ya koma 2 ba. Kashe manhajar kariya yana rage lokaci, amma ga manhajar da ba a san asalinta ba, hatsarin ya fi ribar. A kuma tabbatar batiri na riƙe caji, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki na iya lalata fayiloli.

Magani na gaskiya shi ne sauya diskin da SSD na SATA mai inci 2,5, wanda ke shiga gurbin tsohon a yawancin waɗannan na'urori. Ba shi da abin da ke motsi, kuma yana kai wa ga bayani cikin kusan kashi ɗaya bisa ɗari na lokacin da diski mai juyawa ke ɗauka. A misalinmu, jiran minti 19 zai faɗo ƙasa da minti ɗaya, sauran lokacin ya rage ga furosesa. Ko na'ura mai tsohuwar mahaɗa ta SATA II tana amfana, tun da ribar daga rashin jira take. Wanda kuɗinsa bai isa abu biyu ba ya fara da SSD, daga baya ya ɗaga RAM zuwa jiga 8. Tsohon diskin kuma, in yana da lafiya, a sa shi a akwatin USB ya zama ma'ajiya.