Bugu biyu na Tony Allen

'Yan uwa, a zaren wannan makon za mu koma Legas ta 1964, shekarar da Fela Kuti ya ɗauki Tony Allen a matsayin makaɗin ganga. Allen ya taso yana kaɗa hailaif, amma kunnensa na wajen makaɗan jaz irin su Art Blakey da Max Roach. A wajen Roach ya lura da abin da makaɗan Legas suka yi wa riƙon sakainar kashi, wato hai-hat, faifayen ƙarfe biyun nan da ake takawa da ƙafar hagu. Da ya sa ta aiki, sai gaɓoɓinsa huɗu suka zama kamar makaɗa huɗu, kowa da zancensa. Bayan dawowarsu daga Amurka a 1970, salon ya nuna ya zama afrobit.

Abin da muka fi so masu haɗa kiɗa a kwamfuta su kama shi ne babbar gangar ƙafa. Mu raba zagaye ɗaya mai bugu huɗu zuwa gida 16. Kiɗan disko yana dukan gida na 1, 5, 9 da 13, kamar sakan daka. Ɗaya daga cikin sanannun tsare-tsaren Allen kuwa yana buɗewa ne da duka biyu a manne, gida na 1 da na 2, sannan ya ƙyale ƙaramar ganga ta amsa da duka marasa nauyi. Shekere da sandunan katako su ke riƙe lokaci, shi ya sa gangar ta sami sararin yawo.

A nan maganar sauri ta shigo. Idan aka sa bugu 105 a minti, zagaye ɗaya daƙiƙa 2.3 ne, tazarar dukan biyu ta kai kusan 0.14. A kai shi 125, tazarar ta koma 0.12. Bambancin kamar ba komai ba, amma in gangar mai dogon amo ce, duka na farko bai gama mutuwa ba na biyu zai hau kansa, sai a ji gurnani kawai. Alamar kenan. Ko dai a rage wa gangar amo, ko a sauko da sauri.

Kada a ce afrobit ba ya gudu. A saurari "Zombie", sannan a saurari "Water No Get Enemy" ta 1975: na farko tafiyar soja ce, na biyu rangaji. Allen ne ya kaɗa duka biyun, da hannu mai sauƙi, ba ya dukan kowane gida da ƙarfi ɗaya. A namu ganin, wannan ne kwamfuta ta fi ɓatawa, domin ita kowane duka daidai take sauke shi sai an bi an rage wa wasu nauyi.

Allen ya rabu da Fela a ƙarshen shekarun 1970, ya rasu a Faris a 2020.