Bulbodiniya: Raɗaɗin gaban mace da gwaji ba ya gano shi

Akwai matan da ke fama da raɗaɗi a al'aurarsu dare da rana, kamar an zuba musu barkono, amma duk gwajin da aka yi musu a asibiti sai ya nuna cewa ba su ɗauke da wata ƙwayar cuta. Likitoci na kiran wannan larura da sunan bulbodiniya, wanda ma'anarsa ita ce ciwon wajen farji, wato leɓɓansa da kewayen bakinsa, ba can ciki ba.

A shekarar 2015, ƙungiyoyin masana uku na ƙasa da ƙasa suka amince da ma'ana guda ta larurar: ciwo a wannan wuri da ya kai aƙalla wata uku, ba tare da an gano wani takamaiman dalilinsa ba. Ke nan sakamakon gwajin da ya fito lafiya ƙalau ba ya ƙaryata mace. Yana ma daga cikin abubuwan da likita ke dogara da su kafin ya ambaci sunan larurar.

Ba kuma larura ba ce da ba a cika samu ba. Wani bincike da aka wallafa a 2003 kan matan yankin Boston na Amurka ya gano cewa kimanin kashi 16 cikin ɗari sun taɓa fama da irin wannan ciwo na tsawon wata uku ko fiye. Daga cikin waɗanda suka nemi magani, kimanin kashi 60 cikin ɗari sai da suka ga likitoci uku ko fiye.

Daga ina raɗaɗin yake fitowa?

Har yanzu masana ba su tsayar da dalili guda ba, amma akasarinsu sun yi ittifaƙi cewa matsalar tana ga jijiyoyin da ke kai saƙon jin zafi zuwa ƙwaƙwalwa. A bisa al'ada, waɗannan jijiyoyi ba sa aika saƙo sai an ji rauni. A jikin mai bulbodiniya kuwa sukan zama masu saurin harzuƙa, har gogar kamfai ko zama a kan kujera ya isa ya sa su aika saƙon ƙuna. Wani lokaci ma sukan aika ba tare da komai ya taɓa wurin ba.

Sau da yawa abin yakan faro ne bayan wata cuta ta gaske, musamman ƙaiƙayin da ƙwayar kandida ke haddasawa idan ya yi ta dawowa. Magani ya kashe ƙwayar, fata ta warke, amma jijiyoyin ba su koma yadda suke ba. Daga nan sai tsokokin ƙasan mara su shigo ciki. Jikin da ke tsammanin zafi yakan ɗaure waɗannan tsokoki ba da sanin mai shi ba, tsokar da ta daɗe a ɗaure kuma ita ma ciwo take yi. Haka ciwo ke jawo ɗaurewa, ɗaurewar ta ƙara ciwo.

Larurar ta kasu gida biyu. A wasu matan, zafin yana bakin farji kawai, kuma ba ya tashi sai an taɓa wurin, kamar lokacin saduwar aure. A wasu kuma ya mamaye wurin baki ɗaya, yana nan ko ba a taɓa ba. Masu raɗaɗin da ba ya yankewa galibi suna cikin rukuni na biyu ne, kodayake akwai waɗanda suka haɗa duka biyun.

Bulbodiniya ba sankara ba ce, ba a ɗaukarta ta hanyar saduwa ko a makewayi, kuma mace ba za ta shafa wa mijinta ba. Ita kanta ba ta hana haihuwa, sai dai idan zafin ya hana saduwa.

Abin da ya kamata a kawar tukuna

Ba kowane raɗaɗin da gwaji bai nuna komai a kansa ba ne bulbodiniya, domin gwajin ruwan farji da na fitsari ƙwayoyin cuta kawai suke nema. Akwai dalilan da sai da ido da tambaya ake gano su.

Ɗaya shi ne ƙarancin sinadarin istirojin, wanda ke sa fatar wurin ta bushe ta yi siriri, ga matan da suka daina al'ada da kuma wasu masu shayarwa. Akwai cututtukan fata da ke sa wurin ya yi fari-fari ko ya tsattsage. Akwai tabon haihuwa, da na kaciyar mata ko yankan gishiri. Akwai kuma matsewar babbar jijiyar da ke ratsa ƙasan ƙugu, wadda alamarta ita ce zafin ya tsananta in an zauna, ya lafa in an miƙe tsaye ko an kwanta. Duk inda aka samu ɗaya daga cikin waɗannan, shi za a yi wa magani, ba kuma za a kira ciwon bulbodiniya ba.

Gyambon da ya ƙi warkewa, ko ƙari, ko farin tabo mai kauri, ko zubar jini bayan daina al'ada, ba alamun bulbodiniya ba ne. Irin waɗannan na buƙatar likitan mata ya duba ba da jinkiri ba, wani lokaci har ya yanki ɗan ƙaramin nama don a gwada.

Yadda ake gano ta

A ɗauka, alal misali, wata mata mai shekara 34 ta je asibiti da raɗaɗin wata takwas. Ya faro ne da ƙaiƙayi da farin ruwa mai guda-guda, ta sayi maganin matsi a kemis, ruwan ya ɗauke, amma zafin ya zauna. Tun daga nan aka yi ta ce mata ciwon sanyi ne. Ta sha maganin kashe ƙwayoyin cuta sau huɗu, mijinta ma ya sha, tana shafa man nan na kemis mai haɗin magunguna uku, tana kuma tsarki da sabulu da ruwan kashe ƙwayoyin cuta sau da dama a rana.

Likita zai fara da tambaya: yaushe zafin yake tashi, me ke ƙara shi, me take shafawa ko matsawa. Sannan ya duba fatar a ƙarƙashin haske mai kyau, ya ɗebi ruwan farji domin a duba da madubin likita a kuma shuka shi, saboda akwai nau'in kandida da maganin kemis ba ya kashewa. Zai iya auna sukarin jininta, tun da ciwon suga na sa kandida ta riƙa dawowa.

Idan duk wannan bai nuna komai ba, sai a yi gwajin tsinken auduga. Likita zai jiƙa audugar, ya fara taɓa cinya inda babu ciwo, sannan ya bi kewayen bakin farji wuri-wuri kamar lambobin agogo, tana faɗa masa ƙarfin zafin daga sifili zuwa goma. Taɓawar da ba ta wuce tausasawa ba, ita tana iya jinta kamar sukar allura. A ƙarshe, da izininta, zai sa yatsa ɗaya ya danna tsokokin ƙasan mara, ya ji ko a ɗaure suke.

Matakin farko ga wannan mata shi ne ta daina duk abin da take yi da sunan magani. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba shi da abin da zai kashe, illa ma ya share wa kandida hanya. Man shafawar nan kuma yakan ƙunshi sinadarin sitiroyid mai ƙarfi, wanda ke sa fata ta yi siriri tana raɗaɗi idan aka daɗe ana shafa shi. Haka nan kayan matsi na gargajiya, da tsuguno a kan turare, da zama cikin ruwan bagaruwa ko alif, duk suna iya ƙara fusata fatar da dama a fusace take. Ruwa zalla ya wadatar wajen tsarki, a tsane wurin a hankali ba tare da gurzawa ba, a sa kamfai na auduga maras matsewa. Wasu matan da hakan kaɗai suke samun sauƙi cikin 'yan makonni, alamar cewa tun farko kayan shafe-shafen ne ke da hannu a ciki.

Magunguna da iyakarsu

Babu magani guda da ke yi wa kowa aiki, kuma farasitamol da makamantansa ba su cika taɓa irin wannan ciwo ba.

Ga mai raɗaɗin da ba ya yankewa, likitoci kan fara da amitiriftilin. Asalinsa maganin ciwon damuwa ne, abin da ke sa wasu mata su zaci likita na nufin ciwon a tunaninsu yake. Ba haka ba ne. Ƙaramin kaso ake bayarwa domin kwantar da jijiyoyi. Akan fara da miligiram 10 da dare, a riƙa ƙarawa sannu a hankali gwargwadon yadda jiki ya karɓa, kuma yakan ɗauki makonni kafin a san ko yana aiki. Yana sa barci, da bushewar baki, da taurin bayan gida. Ba a yanke shi farat ɗaya, kuma mai ciwon zuciya ko mai juna biyu ko mai neman ciki dole ta sanar da likita. Idan bai yi ba, akan gwada gabafentin.

Sai dai hujjar da ke bayan waɗannan ƙwayoyi ba ta da ƙarfi sosai. A gwaje-gwajen da aka wallafa a Amurka a 2010 da 2018, wani ɗan'uwan amitiriftilin da kuma gabafentin ba su fi ƙwayar da babu magani a cikinta rage zafi ba. An yi gwaje-gwajen ne a kan mata masu zafin bakin farji idan an taɓa, don haka ba su yanke hukunci kan masu raɗaɗin kullum ba. Abin da ya dace shi ne a gwada maganin na wani ƙayyadadden lokaci, in bai yi amfani ba a janye shi.

Akwai kuma man lidoken mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, wanda ke kashe zafin wurin na ɗan lokaci. Akan shafa shi minti 20 zuwa 30 kafin saduwa, a goge ragowar don kada ya sandarar da gaban miji. Yakan yi ɗan raɗaɗi a mintunan farko.

Hanyar da ta fi samun goyon bayan bincike ita ce gashi da motsa tsokokin ƙasan mara a hannun ƙwararriyar fisiyo. Manufar ita ce a koya wa tsokar sakin jiki, ta hanyar tausa, da numfashi, da miƙa tsokar a hankali. Atisayen matse gaba da ake koya wa masu jego na iya ƙara ciwon idan aka yi shi barkatai, tun da tsokar dama a matse take. Wani bincike da aka wallafa a 2021, kan mata 212 a ƙasar Kanada masu zafin bakin farji, ya nuna cewa bayan mako goma kashi 79 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa wannan aiki sun ce sun samu sauƙi sosai, yayin da kashi 39 ne kawai suka faɗi haka a cikin masu shafa lidoken kowane dare.

Zama da masanin halayyar ɗan Adam shi ma yana rage ciwon, domin fargaba na ƙara ɗaure tsoka. Yana da amfani miji ya halarci asibiti ko da sau ɗaya, ya ji daga bakin likita cewa matarsa ba gudunsa take yi ba, kuma ba cuta ta ɗauko daga wani wuri ba. Daurewa a ci gaba da saduwa cikin zafi yakan ƙara dagula lamarin.

Tiyatar cire fatar bakin farji ita ce mataki na ƙarshe, kuma an keɓe ta ne ga waɗanda zafinsu ke wuri guda, yake tashi idan an taɓa, bayan sauran hanyoyin sun gaza. Ga mace irin ta misalin nan, mai raɗaɗin da ya mamaye wurin ba dare ba rana, likitoci ba sa ba da shawarar tiyata. Abin da akan tsara mata shi ne dakatar da shafe-shafe, da ƙaramin kason maganin jijiya, da aikin fisiyo, sannan ta dawo bayan mako shida zuwa takwas a maimaita gwajin audugar, a kwatanta lambobin da na ranar farko.