Dalar da Ke Ragewa a Hanya: Tarihin Bankuna Masu Shiga Tsakani

Ɗan kasuwar da ya tura dala 10,000 daga Kano zuwa Guangzhou, aka ce masa 9,955 ne suka isa, yakan zargi bankinsa ko abokin cinikinsa. Sau da yawa babu mai laifi a cikinsu. Giɓin ya samo asali ne daga wani tsari da ya girmi wayar tarho da ɗaruruwan shekaru.

Kuɗi ba sa ƙetare teku idan an tura su ta banki. Saƙo ne ke tafiya, sai a sauya lambobi a kundin lissafi. 'Yan kasuwar Italiya sun ƙware a wannan dabara tun kafin ƙarni na 15. Bankin Medici, wanda aka kafa a Florence a 1397, yana da rassa da wakilai a birane irin su Bruges da Landan. Maimakon a ɗora zinariya a kan dawaki, sai a rubuta wa wakili takarda ya biya wane daga asusun da aka ajiye a wurinsa. Daga harshen Italiyanci bankuna suka gaji sunayen waɗannan asusai har yau: nostro, wato namu da ke wurinku, da vostro, wato naku da ke wurinmu. Wakili kuwa ba ya aikin banza, yana da la'adarsa.

Abin da zamani ya sauya shi ne saurin saƙon. A 1866 aka shimfiɗa wayar da ta ɗore a ƙarƙashin Tekun Atilantika, umarnin biya ya koma isa a rana ɗaya maimakon makonni. A 1973 bankuna 239 daga ƙasashe 15 suka kafa SWIFT a Beljiyam, ta fara aiki a 1977. Amma SWIFT ba ta riƙe kuɗin kowa. Ɗan aike ce kawai, kuma har yanzu sai bankuna biyu suna da asusu a tsakaninsu kafin biya ya tabbata.

A nan matsalar take. Babu bankin da zai iya ajiye asusu a kowane banki na duniya, kuma biyan dala tsakanin bankuna yawanci a New York yake kammaluwa. Saboda haka bankin Kano yakan umarci wakilinsa na New York, shi kuma ya miƙa wa wakilin bankin Sin, sannan a sa kuɗin a asusun mai kaya. A ɗauka, don misali, wakili na farko ya cire dala 20, na biyu ya cire 15, bankin mai karɓa ya cire 10. Dala 45 ke nan, ban da abin da aka biya a Kano. Da yake la'adar yawanci ƙayyadaddiya ce, ta fi cizon ƙaramin kuɗi: a kan dala 10,000 ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, amma a kan dala 500 kashi 9 ce cikin ɗari.

Me suke yi da har suke cin wannan rabo? Suna ajiye kuɗi a shirye don biya, suna kuma tantance kowane saƙo don gudun halasta kuɗin haram da karya takunkumi. Wannan nauyi ya ƙaru bayan Amurka ta ci tarar BNP Paribas kusan dala biliyan 9 a 2014. Manyan bankuna suka riƙa yanke hulɗa da ƙananan bankunan da suke ganin akwai haɗari a kansu, waɗanda aka yanke kuwa dole su bi doguwar hanya mai ƙarin wakilai.

Mai turawa yana da ta cewa a wuri ɗaya. A fom ɗin turawa akwai zaɓi uku: OUR, mai turawa ya ɗauki dukan caji, SHA, ya biya na bankinsa, sauran a cire a hanya, BEN, a cire komai daga kuɗin. Wanda yarjejeniyarsa ta ce a biya cikakken farashi, OUR ya kamata ya zaɓa, ko da yake wani lokacin wakili na gaba yakan cire nasa duk da haka.

Idan giɓi ya bayyana, a nemi kwafin saƙon daga banki. A tsohon tsarin MT103, gurbin 33B yana nuna adadin da aka umarta, 32A yana nuna wanda aka miƙa, 71F kuma abin da aka cire. Tun 2017 SWIFT ta fito da tsarin bin sawu, kuma da lambar UETR banki zai iya gano inda kuɗin suka yada zango da abin da kowane mai masauki ya karɓa.